Kafin ka danna "Allow": lambobin da ke cikin wayarka ba naka ba ne kai kaɗai



A watannin baya wani saƙon tes ya shigo mini da sassafe daga lambar da ban sani ba. An rubuta da Turanci cewa wani maƙwabcina, wanda muka yi shekaru muna zaman mutunci da shi, ɓarawo ne da ya gudu da kuɗin kamfani, kuma wai ni ya bayar a matsayin wanda ya tsaya masa. Ban tsaya wa kowa ba, ban ma san ya ci bashi ba. Kafin azahar sai na gano ba ni kaɗai aka tura wa ba. Surukinsa ya samu, malamin makarantar 'ya'yansa ya samu, har mai kawo masa kaya daga Mararaba ya samu. Da yamma na same shi a ƙofar gida ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce mini, "Malam, wallahi ban ba su lambar kowa ba. Lambata kaɗai na rubuta, da ta matata."

Gaskiya ya faɗa, bai rubuta ba. Amma ya bayar. Da na karɓi wayar na shiga saiti, sai ga manhajar bashin nan tana riƙe da izinin ganin lambobin wayarsa duka, da izinin karanta saƙonninsa na tes, da na ganin hotunansa. Ya tuna cewa a daren da ya sauke ta, 'yarsa na kwance ba lafiya kuma yana neman kuɗin magani, wasu ƙananan akwatuna sun yi ta fitowa a fuskar wayar, shi kuwa ya yi ta danna "Allow" don ya kai ga inda kuɗin suke. Ya nemi naira 20,000, aka turo masa 14,000 bayan an cire abin da suka kira kuɗin hidima, aka ce ya biya cikin kwana bakwai. Kwana biyu kacal ya ƙara a kan wa'adin.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, mun ɗauki tambayar da waya ke yi mana kamar shingen kan hanya da ake ɗaga wa hannu a wuce, alhali ita ce kaɗai gaɓar da muke da ikon cewa a'a. Kuma akwai izinin da ba hakkinka ba ne kai kaɗai ka bayar da shi, domin abin da ke bayan ƙofar na wasu ne.

Bari mu fara da ma'anar akwatin. A wayoyin Android, wato Tecno da Infinix da Itel da Samsung da yawancinmu ke riƙewa, kowace manhaja a killace take kamar baƙon da aka sauke a zaure. Ba ta iya leƙa kamara, ko makirfo, ko littafin lambobi, ko saƙonni, sai wayar ta buɗe mata. Kafin shekarar 2015 ana jero maka duk abin da manhaja ke so ne tun wajen saukewa, ka karɓa gaba ɗaya ko ka haƙura da ita. Daga Android 6 da ya fito a waccan shekara aka koma tambayarka ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da manhajar ta buƙaci abin. Saboda haka akwatin da kake gani ba manhajar ce ta zana shi ba. Wayarka ce take cewa, wannan baƙon yana so ya shiga ɗakin nan, in buɗe masa? Idan ka danna "Don't allow", ko "Deny" a wasu wayoyin, ƙofar na nan a rufe. Manhajar na iya yin fushi ta ƙi aiki, amma ba ta iya buɗewa da kanta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne girman abin da izini ɗaya ke buɗewa. Idan aka rubuta "access your contacts", ba lamba ɗaya ake nufi ba, littafin ne duka: sunaye yadda ka ajiye su, da lambobi, da duk wani bayani da ka haɗa. Ka ajiye wani da "Baban Yara", wani da "Oga ofis", wata da "Hajiya adashi". Wanda ya kwafi wannan littafi ya san wa kake jin kunya, wa kake tsoro, wa zai fi ɓata maka rai idan ya ji. Kwafar ba ta ɗaukar lokaci, cikin daƙiƙoƙi an tura zuwa kwamfutarsu. Wannan ne ya sa masu irin wannan bashi ba sa neman jingina. Mutuncinka ne jinginar, kuma ka miƙa shi tun kafin kuɗin su shigo.

Wannan ba labarin unguwa ɗaya ba ne. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Maris na 2022 hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin bashin waya a Ikeja da ke Legas, daga baya kuma ta wajabta musu rajista. Kamfanin Google ma ya sa doka wadda ta fara aiki ranar 31 ga Mayun 2023, cewa manhajar bayar da bashi da ke Play Store ba za ta nemi ganin lambobin waya ko hotuna ba. A watan Yuni na shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC.

Amfanin sanin wannan a wurinmu ɗaya ne. Duk manhajar bashin da ta ce maka yau sai ka buɗe mata lambobinka ko hotunanka, ta riga ta faɗa maka ko ita wace ce. Ko dai ba ta cikin Play Store, ko tana karya dokar wurin. Ba sai ka jira ka ga halinta ba. Haka kuma bashin kwana bakwai ko sha huɗu: dokar Play Store ba ta yarda da bashin da ake buƙatar a biya shi duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba. Na maƙwabcina ta hanyar wani mahaɗi da aka yaɗa a WhatsApp ya same ta.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a majalisa: mai neman kuɗin magani da tsakar dare ba ya karatun akwati. Haka ne, kuma ban zargi maƙwabcina ba. Amma a duba wanda abin ya shafa. Malamin makarantar nan bai ci bashi ba, bai sauke komai ba, ga lambarsa da sunansa a hannun mutanen da bai sani ba, kuma ba shi da hanyar karɓo su. Wanda ya ba ka lambarsa don ku gaisa ya ba ka, ko don ka kira shi idan kaya sun iso. Matar aure da ta ba ka lamba saboda ɗinki ko saboda adashi ba ta ba ka don ta bayyana a jerin masu karɓar zagi ba. A ganina bayar da littafin lambobi ga wanda ba ka sani ba cin amana ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Idan aka ce ba bashi sai da lambobin, to farashin ya fi ƙarfin abin da kake da ikon biya, domin da kayan mutane za ka biya.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Ban ce a riƙa ƙin komai ba. Na ga wanda tsoro ya sa ya hana WhatsApp makirfo, sannan ya kai waya wurin mai gyara wai saƙon murya ya lalace. Ma'aunin mai sauƙi ne: mene ne aikin wannan manhaja, kuma abin da take nema yana cikin aikin? Manhajar banki da ta nemi kamara a daidai lokacin da za ta ɗauki hoton fuskarka don tantancewa, tana kan hanya. Manhajar taswira da ta nemi sanin inda kake, aikinta ke nan. Amma tocila da ke neman lambobin waya fa? Ko manhajar ƙawata hoto da ke son karanta saƙon tes? Ko manhajar lokutan salla, wadda sanin garin da kake ya ishe ta, amma take neman tarihin kiran da ka yi? A nan babu abin tattaunawa. Lokacin tambayar ma shaida ne. Manhaja ta gari tana tambaya ne idan ka taɓa abin da ke buƙatar izinin. Wadda ta jero maka tambaya biyar tun buɗewar farko, kafin ka yi komai, tana tara kaya ne.

Sababbin wayoyi sun ba mu tsaka-tsaki, sai dai ba ma amfani da shi. Ga kamara da makirfo da wurin da kake, za ka ga zaɓi uku: "While using the app", wato sai lokacin da manhajar ke buɗe a gabanka, da "Only this time", wato wannan karon kaɗai, da kuma ƙi. Ni dai duk manhajar da ba kullum nake amfani da ita ba, na wannan karon nake ba ta. Daga Android 12 kuma, idan wata manhaja na amfani da kamara ko makirfo, wani ɗan koren ɗigo yana fitowa a saman fuskar wayar. Idan ka gan shi alhali ba ka kira, ba ka ɗaukar hoto, ja labulen sama ka taɓa shi, zai nuna maka wadda ke aikin. Lambobin waya da saƙon tes kuwa ba su da wannan tsaka-tsakin a wayoyin da ke hannunmu. Ko ka buɗe duka, ko ka rufe.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ɓata suna tsada, wato inda ake kwashe kuɗi. Kusan kullum da saƙo yake farawa a zauren WhatsApp: fom ɗin tallafi, ko ɗaukar aiki, ko rabon data kyauta, ko katin gayyatar biki. Fayil ne da sunansa ya ƙare da `.apk`. Duk fayil ɗin da ya ƙare da waɗannan haruffa manhaja ce, ba takarda ba ce, ba hoto ba ne. Fom na gaskiya ba ya buƙatar a girka shi a waya. Ina so mu bi abin da ke faruwa daki-daki, don a ga sau nawa wayar ke ƙoƙarin riƙe hannun mai ita.

Idan ta burauzar Chrome ka sauke, za ta ce maka "File might be harmful", wato fayil ɗin zai iya cutarwa. Ƙofa ta farko ke nan. Ka danna "Download anyway". Da ka taɓa fayil ɗin, wayar za ta ce ba a yarda a girka manhaja daga wannan hanya ba, ta kai ka wani shafi mai suna "Install unknown apps", inda sai ka kunna "Allow from this source" da hannunka. Ta biyu ke nan. Daga nan Play Protect, mai gadin da Google ya sa a cikin wayar, yana iya fitowa ya ce "Harmful app blocked" ko "Unsafe app blocked", ko ya nemi ka bari ya bincika manhajar tukuna. Ta uku. Mai damfarar ya san da duk waɗannan, shi ya sa yake haɗo bayani tun farko: wai idan ka ga gargaɗi kada ka damu, matsalar netwok ce, ka shiga ka kashe Play Protect. Duk wanda ya ce ka kashe mai gadi kafin ya shigo gidanka ya gama gabatar da kansa.

Bayan an girka, manhajar za ta nuna maka fom mai kyan gani, har da tambarin gwamnati ko na banki. Za ta nemi sunanka, da lambar waya, da BVN, da lambobin da ke jikin katin ATM, wai don a san inda za a tura kuɗin. Sai akwati ya fito: "send and view SMS messages". Wannan ce ƙofa ta huɗu, kuma ita ce ta ƙarshe tsakanin ɓarawo da asusunka. Dalili kuwa, bayanan katin kaɗai ba kullum suke isa a cire kuɗi ba. Banki yakan turo lambar sirri ta amfani sau ɗaya, wadda muke kira OTP, zuwa layinka. Kullum ana yi mana gargaɗi kada mu karanta wa kowa ita a waya, kuma jama'a sun fara ganewa. To manhajar da ke da izinin saƙo ba ta buƙatar ka karanta mata. Lambar na shigowa za ta kwafa ta tura wa mai ita ta intanet, shi kuma ya kammala sayayya da katinka. Kana zaune a shago a Tsohuwar Kasuwa, waya na aljihu, ba wanda ya kira ka, sai alat ɗin fitar kuɗi.

Za a iya tambaya, to ai manhajar bankina ma tana cike OTP da kanta. Haka ne, amma akwai hanyar da Android ya tanada wadda manhaja za ta karɓi saƙon da aka aiko dominta kaɗai, ko ta tambaye ka a kan saƙo guda, ba tare da ta ga sauran ba. Tun 2019 Google ya taƙaita izinin karanta saƙonni da tarihin kira a Play Store, ya bar shi galibi ga manhajar da ita ce ainihin mai karɓar saƙo ko kira a wayar. Saboda haka ƙa'idata a nan ba ta da sassauci: in ba manhajar saƙon da ta zo da wayar ba, ba na ba kowa wannan izini. Idan OTP ya shigo, in karanta in rubuta da hannuna. Lambobi shida ba su taɓa gajiyar da kowa ba.

Akwai izinin da ya fi wannan haɗari, kuma ba a akwati yake zuwa ba. Manhajar za ta roƙe ka ka shiga saiti, wurin da aka rubuta "Accessibility", ka kunna mata. Asalin wannan sashe alheri ne. An yi shi ne don makafi da masu raunin gani ko hannu, domin wata manhaja ta karanta musu abin da ke fuskar waya, ta kuma danna a madadinsu. Ka lura da waɗannan abubuwa biyu: gani da dannawa. Manhajar da ka ba wannan izini tana ganin abin da ke fuskar wayarka, tana iya danna maɓalli kamar yatsanka. Tana iya ba kanta sauran izinin da ka hana ta, tana iya bin abin da kake rubutawa, tana iya mayar da kai baya duk lokacin da ka je goge ta. Wayar ba ta ɓoye maka wannan ba. Kafin ka kunna takan tambaya da kalmomin "full control of your device", wato cikakken iko a kan wayarka. Daga Android 13, idan manhajar daga waje aka sauke ta, wayar takan toshe wurin ta rubuta "Restricted setting". Idan wani ya turo maka bidiyon yadda za ka buɗe wannan toshewar, ka san inda aka dosa. Ƙanwar wannan izini ita ce "Notification access", wadda ke ba manhaja damar karanta duk sanarwar da ke saukowa, har da OTP da saƙonnin WhatsApp, ba tare da ta taɓa izinin tes ba. Google ya ce Najeriya na cikin ƙasashen da Play Protect ke toshe manhajar da aka sauke daga waje idan tana neman waɗannan abubuwa, wato saƙo, da sanarwa, da cikakken iko. Idan ya toshe, a bar shi ya toshe.

A nan ina da magana da matasanmu masu shagon caji da gyaran waya da tura manhajoji. Da yawa daga iyayenmu ba su ne ke danna "Allow" ba. Baba zai miƙa waya ya ce, "Yaro, sa mini abin nan da ake kallon wa'azi." Yaro ya tura ta Xender daga wayarsa, ya kunna shigar da manhaja daga waje, ya danna duk abin da ya fito don ya sallami layi, ya miƙa wa Baba. Ba mugunta ba ce, sauri ne. Amma izinin da aka ɗauka a madadin mutum ba tare da an fassara masa ba, nauyinsa na kan wanda ya danna. Minti ɗaya ya isa ka ce, "Baba, wannan tana so ta ga lambobin mutanenka, a bar ta?" Kuma idan ka gama, ka koma ka kashe "Allow from this source" ɗin da ka kunna. Irin wannan magana ta shafi su GBWhatsApp da ake yayi saboda ganin saƙon da aka goge. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, kuma yana rufe asusun masu amfani da su. Ka ba wanda ba ka san sunansa ba lambobinka da hotunanka da makirfo, don ka ga abin da wani ya goge. Ciniki ne da ban ga ribarsa ba.

Sai gargaɗin ƙarya, wanda shi ne ya lalata mana kunne har muka daina sauraron na gaskiya. Kana cikin karatu ko sauke fim, sai shafi ya cika fuska da ja, wayar ta yi rawa, a ce an gano ƙwayoyin cuta a wayarka, batir zai lalace, saura minti biyu, danna nan ka goge. Wannan talla ce. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarka. Hanyar bambancewa ita ce a duba abin da gargaɗin ke so ka yi. Na gaskiya yana cewa ka tsaya, ka koma baya, kada ka girka. Na ƙarya yana cewa ka yi sauri, ka sauke wani abu, ka kira wata lamba, ka biya. Na gaskiya ba ya ƙirga maka lokaci. Idan ka ga na ƙarya, rufe shafin kawai. Idan kuma irin waɗannan saƙonni suna ta sauko maka daga saman waya ko ba ka buɗe burauza ba, to wata rana wani shafi ya nemi izinin aiko maka da sanarwa ka amince. Shiga saitin Chrome, ka nemi "Site settings", sannan "Notifications", ka cire shafukan da ba ka gane ba.

Ɗaya gargaɗin da ke rikita mutane shi ne "Your connection is not private". Ma'anarsa burauzar ba ta iya tabbatar da cewa shafin da ka shiga shi ne wanda yake ikirarin zama ba. Sau da yawa, musamman bayan waya ta daɗe a mace saboda rashin wuta, laifin agogon wayar ne. Idan ka ga `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID` a ƙasa kuma kowane shafi haka yake yi, duba kwanan wata ka gyara. Idan agogo daidai yake kuma shafi ɗaya ne ke yi, kada ka rubuta lambar sirri ko bayanan kati a ciki, ko da shafin biyan kuɗin makaranta ne. Ɗalibanmu na jami'ar jihar da ke nan Keffi su kula da wannan a lokacin rajista, sa'ad da kowa ke sauri kuma mahaɗai ke yawo a zaurukan aji. Jan shafi mai cewa "Dangerous site" ko "Deceptive site ahead" kuwa ba shi da wata fassara, a juya kawai.

To wanda ya riga ya danna fa? Da maƙwabcina mun shiga "Settings", sannan "Privacy", sannan "Permission manager". Sunayen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma idan ka rubuta "Permission" a wurin bincike na saiti zai fito. A can za ka ga kowane izini da jerin manhajojin da ke riƙe da shi. Mun fara da SMS, sannan Contacts, sannan Call logs. Mun samu manhaja goma sha ɗaya da ke ganin lambobinsa, huɗu kaɗai ya iya faɗin dalilinsu. Muka cire sauran. Sai dai dole na faɗa masa abin da bai so ji ba: janye izini yana hana ɗauka ta gaba ne, ba ya dawo da abin da aka riga aka kwafa. Lambobin suna hannunsu, ko ya goge manhajar. Abin da ya rage masa shi ne ya adana hoton kowane saƙon zagi da lambar da ta aiko, ya kai ƙorafi FCCPC da NDPC, ya kuma riga su sanar da mutanensa da bakinsa. Wannan na ƙarshen ya fi masa wuya, amma shi ya fi rage musu ƙarfi, domin barazanarsu duka a kan asiri take.

Idan kuwa zargin na satar kuɗi ne, misali ka girka fayil sannan alamar manhajar ta ɓace daga fuskar waya, ko alat ya daina shigowa, ko wayar na danna kanta, to tsarin ya bambanta kuma sauri ake so. Ka sa wayar a "Airplane mode" nan take, ka tabbata Wi-Fi ma a kashe yake, don a yanke mata hanya. Ka yi amfani da wata wayar ka kira bankinka a lambar da ke bayan katinka, a rufe katin da asusun. Kada ka canza lambar sirri a wayar da ake zargi, domin mai kallo na nan. Bayan haka ka duba "Accessibility" da "Device admin apps" ka kashe duk abin da ba ka sani ba, sannan ka goge manhajar daga jerin "Apps". Idan ta ƙi goguwa, a yawancin wayoyi riƙe maɓallin kashewa sannan ka daɗe da yatsa a kan "Power off" zai ba ka "Safe mode", inda manhajojin da ka sauke ba sa tashi, sai ka goge ta a can. Idan duk ya faskara, a kwashe hotuna da lambobi a wanke wayar gaba ɗaya.

Maƙwabcina ya biya bashin a ƙarshe, da taimakon ƙaninsa. Saƙonnin sun tsaya bayan kwana uku. Amma har makon jiya malamin makarantar nan ya nuna mini tes daga wani kamfanin bashi da bai taɓa jin sunansa ba, suna yi masa tayin naira 50,000, kuma sun kira shi da laƙabin da maƙwabcina kaɗai ke kiransa da shi.